Wasa Ɗaya Kafin Ƙarfe Biyar

Isyaku baduku ya rufe rumfarsa ta Jakara tun kafin azahar, abin da bai taɓa yi ranar Talata ba. Ya kife fatun da ya yanka a kan benci, ya jawo buhun shinkafa marar komai ya zura akwatin gem ɗinsa ciki da wayoyinsa da hannun gem guda, ya rataya a kafaɗa. Maƙwabcinsa mai takalma ya ɗaga kai ya tambaye shi ko lafiya. Ya ce lafiya lau, bai tsaya ba.

Ƙaninsa Mamman yana Alƙahira kwana goma sha ɗaya ke nan, shi da matarsa Nana Aisha. Gobe da safe za a buɗe masa ƙirji a gyara zuciya. Yau kuma ƙarfe biyar na Kano motar asibiti za ta zo ta ɗauke shi daga ɗakin da suka sauka, ɗakin wani ɗalibi ɗan unguwarsu. Jiya da suka yi waya, bayan an gama yaya jiki, da sauƙi, yaya mutanen gida, kowa lafiya, sai shiru ya sauka kamar kullum. Can Mamman ya ce:

"Yaya, akwai kwamfuta a ɗakin nan, kuma da ƙwallonmu a ciki. An ce yanzu mai kwamfuta yana iya bugawa da mai akwati. Mu buga ɗaya mana kafin su ɗauke ni."

Iyakar abin da ya roƙa ke nan.

Wanda bai san su ba zai ce wasa ne na yara, kuma ga mutum mai shekara arba'in da wani abu, da furfura a gemu. To amma mutanen nan biyu ba su iya magana da juna ba, tun suna ƙanana. A waya minti guda ya yi yawa. A tsakar gida sai gaisuwa. Sai dai ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, su zauna a soro kan tabarma ɗaya, kowa da hannun gem, ido a kan talabijin. A nan ne Mamman ya faɗa masa zai yi aure. A nan Isyaku ya faɗi cewa idonsa na hagu ya fara hazo. Maganar ciwon zuciyar ma a nan ta fito, ana tsakiyar bugun kwana, ba wanda ya dubi wani.

Tun safe Isyaku yake fama da abin a rumfa. Ya shiga wajen wasa da aboki, ya rubuta sunan da Mamman ya turo masa, akwati ya ce babu wannan mutum. Mamman ya nemo shi daga can, kwamfuta ta ce ba za a iya gayyatar wannan ba. Aka ɗauke wuta ƙarfe goma sha ɗaya. Shi ya sa ya kama hanyar Ƙofar Mazugal, wajen Gambo.

Gambo yana da gidan gem, shago ɗaya mai talabijin huɗu, da injin wuta a bakin ƙofa da ya ɗaure da sarƙa. Shekara ashirin yana wannan sana'a, har ta gundure shi. Ya tashi mutum biyu daga talabijin ɗin ƙurya, ya ce su yi haƙuri, ya jona akwatin Isyaku.

"Baban Hafsat, yaushe rabon da a share wa wannan ƙura? Warin jimar fata yake yi."

"Kai dai duba min."

Aka kira Mamman, aka ajiye wayar a kan kujerar roba, aka buɗe murya. Numfashinsa ya fara shigowa kafin maganarsa.

"Gambo, kana nan da wannan fankar taka mai kuka?"

"Tana nan tana jiranka. Karanto min lambar da ke ƙasan allo, ta ɓangaren dama. Ƙananan lambobi ne."

Mamman ya karanto. Gambo ya dubi ta talabijin, ya ce iri ɗaya ce, ba wanda aka bari a baya da sabuntawa. Ya shiga saitin wasan, ya gangara har inda ake kunna wasa tsakanin na'urori daban-daban. Ya sa Mamman ya duba nasa, Mamman ya ce a kunne yake. Na Isyaku kuwa rubutun ya yi toka-toka, an danna ya ƙi motsi.

Gambo ya tsotsi haƙori.

"Ba wasan ne ya hana ba. Daga sama aka kulle."

"Wane sama kuma?"

"Ka ga, akawun biyu ne. Akwai na akwatin kansa, akwai na kamfanin da ya yi ƙwallon. Sai an ɗaura su da juna kafin mai kwamfuta ya gan ka, don shi ba ya cikin gidanku, ta kamfanin kawai zai same ka. Naka a ɗaure suke, ga shi nan, ba matsala. To amma na akwatin shi ne babba. In ya ce kar ka yi wasa da na waje, wasan ba shi da ta cewa."

Ya fita daga ƙwallon, ya shiga saitin sirri na akwatin. Ya karanta a ransa, leɓensa na motsi. Ya tsaya. Ya koma baya ya dubi sunan da ke saman allo, sa'an nan ya juyo ya dubi Isyaku daga hula har silifa.

"Malam Isyaku, shekararka nawa?"

"Me ya kawo wannan?"

"Akwatin nan cewa yake shekararka goma sha ɗaya. Kuma mace ce kai."

Daga cikin waya dariya ta ƙwace wa Mamman, ta rikiɗe ta zama tari. Aka ji Nana Aisha tana cewa ya sha ruwa, ya daina wannan dariyar.

Isyaku bai yi dariya ba. Ai kowa a Jakara ya san shi, duk abin da ya mallaka sunan 'yarsa ta fari yake sa masa. Allon rumfarsa Hafsat ne. Bayan babur ɗinsa Hafsat. Tambarin da yake bugawa a cikin jakunkunan da yake ɗinkawa Hafsat. Mahaifinsu ma haka ya yi da sunan Isyaku a jikin kekensa. Shekara bakwai da suka wuce, ranar da aka sayo akwatin nan, Mamman ne ya zauna yana cike tambayoyi. Da aka zo suna, Isyaku ya ce a sa Hafsat. Da aka zo ranar haihuwa, ya faɗi tata, don ita kaɗai ce ranar haihuwar da ya tabbatar da ita a duniya, tana rubuce a katin asibiti. Kuma duk shekarun nan a tabarma ɗaya suke bugawa, ba su taɓa neman wani na waje ba, balle akwati ya nuna musu halinsa.

"To a gyara shekarun," in ji Isyaku.

"Ba a gyarawa daga nan. Akawun ɗin yaro ne, yana ƙarƙashin na waliyyi. Waliyyin ne zai shiga nasa, ya je kan sunan yarinyar, ya buɗe mata wasa da na waje. Minti biyu ne. Wa aka sa?"

Sai Mamman ya ce, "Ni ne. Ƙin wucewa ya yi sai da babba, na sa imel ɗina."

"Alhamdu lillahi. Shiga."

"Wancan imel ɗin ne fa. Na da."

Gambo ya rufe ido.

Isyaku ya dubi agogon bango. Ɗaya da rabi ta gota.

"Akwai hanya mai sauƙi," in ji Gambo. "Mu buɗe maka sabon akawun da sunanka, na babban mutum. Mu ɗaura shi da sabo na kamfani. Rabin awa kun fara."

"Da ƙungiyata?"

"Ƙungiyarka tana cikin na Hafsat. Sabo sai dai 'yan wasan da ake ba kowa."

"A'a."

"Malam Isyaku..."

"Na ce a'a. A ciro ta a mayar cikin sabon."

"Ba buhun gero ba ne da za a juye. Sai an kwance ɗaurin, kuma kwancewar sai sun tura lamba wancan imel ɗin. Ko an kwance ma, na kamfanin ya riga ya ɗauki shekarun yarinya tun ranar da aka ɗaura. Duk inda ka bi, ƙofar guda ce."

Shekara bakwai Isyaku yana tara ƙungiyar nan, ɗan wasa bayan ɗan wasa. Mamman ne ya raɗa mata suna Dukawa, don tsiya, sunan kuma ya zauna. Bai ga yadda za a yi ya fito gaban ƙaninsa yau, a wannan rana, da waɗansu baƙin mutane ba. A ransa gani yake in aka canja abu ɗaya daga yadda aka saba, kamar an yarda ne cewa abubuwa sun canja.

Haka aka shiga neman kalmar sirri. Mamman ya gwada sunan matarsa, aka ce ba ita ba ce. Ya gwada lambar tsohon babur ɗinsa. Ya gwada sunan mahaifiyarsu da shekarar rasuwarta. Ya gwada da babban baƙi, ya gwada da ƙarami. Kowane gwaji sai ya huta, ana jin yana jan iska kamar mai hawan bene. Isyaku yana tsugune gaban kujerar roba yana jefa masa sunaye, na unguwa, na malaminsu na allo, na akuyar da suka taɓa kiwo.

"Yaya, wa zai sa sunan akuya?"

"Kai za ka iya."

A gwaji na kusan goma shafin ya ce an yi yawa, a dakata. Gambo ya ce a danna an manta. Aka danna. Aka ce za a tura lamba zuwa layin da ya ƙare da huɗu da bakwai.

"Wannan layin ai an rufe shi," in ji Mamman. "Tun lokacin haɗa layi da katin ɗan ƙasa. Ban bi ta kansa ba."

Isyaku ya karɓi cikakkiyar lambar, ya ari wayar Gambo ya kira. Ta shiga. Wata mata ta ɗauka da wani yare da bai sani ba, bayanta ana jin hayaniyar kasuwa. Ya yi mata Hausa, ya yi mata guntun Turancinsa, ya ce lamba za a turo, ta karanto masa kawai, ɗan'uwansa ba shi da lafiya. Ta ce ɓarawo, ta kashe. Ya sake kira, ba ta shiga ba.

"Ni ma da ita ce haka zan yi," in ji Gambo.

Akwai sauran hanya ɗaya, takardar tambayoyi da ake cikewa a tura, a jira amsa. Gambo ya ce amsar takan kai gobe, kuma ba lalle a yarda ba. Gobe.

Aka kira la'asar. Isyaku ya fita ya yi alwala a bakin kwata, ya bi jam'i a masallacin gefen titi. Bai san me liman ya yi ba, ya dai bi. Da ya dawo inji ya mutu, Gambo yana ɗura masa mai da mazurarin gora. Wayar tana nan kan kujera, ba a kashe ba. Ya ɗauka ya kara a kunne, ya ji muryar Nana Aisha kusa.

"Yaya Isyaku, ku ne?"

"Ni ne."

"Ya shiga banɗaki. Don Allah ku yi abin da za ku yi. Tun asuba yake zaune gaban abin nan, ya ƙi kwanciya, ya ƙi cin abinci. Ni ban san kan wasanku ba. Amma ba ƙungiya yake jira ba."

Isyaku ya ajiye wayar. Inji ya tashi, talabijin ta dawo, fanka ta ci gaba da kukanta.

"Gambo, buɗe sabon."

Huɗu da minti biyar.

Gambo ya ce imel. Isyaku ya ce ba shi da shi. Gambo ya karɓi wayarsa, ya shiga ciki ya tono wanda mai sayar da waya ya buɗe masa tun ranar saye, sunansa da lambobi shida a baya, wanda Isyaku bai taɓa sanin yana da shi ba. Saƙonni dubu uku da wani abu a ciki, ba a buɗe ko ɗaya ba.

"Ranar haihuwa. Taka fa, ba ta maƙwabta ba."

Isyaku ya ciro katin ɗan ƙasa daga aljihu ya miƙa.

"Ɗaya ga Janairu," in ji Gambo. "Kai ma? Rabin birnin nan ranar aka haife su. Ungozoma ta sha wahala."

"Ƙarya ce," muryar Mamman ta dawo. "Da damina aka haife shi. Inna ta ce ranar soron gidan Liman ya rushe."

"Yaushe ta faɗa maka?"

"Tana asibiti. Kai ka tafi sayo magani."

Isyaku ya juya katin a hannunsa. Bai taɓa jin wannan ba.

"To ni me zan rubuta?" in ji Gambo. "Babu wajen soron Liman a nan."

"Sa na katin."

Lamba ta shigo wayar Isyaku, aka rubuta. Aka buɗe na kamfanin, wata lambar ta shigo, aka rubuta. Talabijin ta nuna waɗansu baƙaƙe takwas, Gambo ya shigar da su a shafin kamfanin ta waya, allo ya ce an ɗaura. Ya koma saitin sirri ya buɗe wasa da na waje, ya buɗe karɓar saƙo da gayyata. Ya shiga ƙwallon. Rubutun da ya yi toka ɗazu yanzu ya yi fari, ya danna, ya kunnu. Wasan ya tsaya yana nuna wa Isyaku yadda ake ba da ƙwallo da yadda ake bugawa raga, kamar yau ya fara, kuma wani wajen ba ya tsallakuwa. Haka ya zauna yana koyon abin da ya fi shekara ashirin yana yi, agogo na tafiya.

Huɗu da minti talatin da biyar suka rubuta sunan da Mamman ya turo. Wannan karon ya fito. Gambo ya danna neman abota. Allo ya ce wannan mutum ba ya karɓa.

"Inna lillahi," in ji Isyaku a hankali. Ko ƙarfin fushi ba shi da shi.

"Mamman, akawun ɗin wa kake ciki?" in ji Gambo.

"Na mai ɗakin. Ya tafi makaranta."

"Ya rufe ƙofarsa ne, ba ya son a dame shi. Kar ka taɓa masa saiti. Kai ka nemo mu, mu tamu a buɗe take. Rubuta abin da zan faɗa maka."

Ya karanta masa sabon sunan baƙi bayan baƙi, da lambobin da kamfani ya liƙa a ƙarshe. Mamman ya rubuta, ya yi kuskure, ya goge. Ya ce yatsunsa sun kumbura, suna danna biyu a lokaci guda. Nana Aisha ta karɓa ta rubuta. Wani ɗan ƙara ya fito daga talabijin, saƙo ya leƙo a kusurwa. Gambo ya danna amincewa, ya miƙa wa Isyaku hannun gem, ya tashi ya koma bakin ƙofa ya zauna kan inji, ya ba su baya.

Biyar saura kwata aka take wasa.

'Yan wasan Isyaku ba wanda ya sani a cikinsu. Masu nauyin ƙafa, in ya danna sai sun yi shawara kafin su juya, ga netwok yana jan abin. Mamman kuwa ƙungiyar ɗalibin ya samu, duk zaratan.

"Yaya, waɗannan 'yan dako ka ɗebo daga Kurmi?"

"Buga dai."

"Wancan mai lamba tara ko tsayuwa bai iya ba."

Ƙwallo ta fita kwana. Isyaku yana shirya masu tsaron baya, idonsa a talabijin, sai ya ji Mamman ya ce, da irin muryar da yake yi a soro:

"Takardar gidan tana cikin akwatin ƙarfe, ƙarƙashin gadon Inna. Ban canja komai ba."

"Na ji."

"Nana ba ta son zaman gidanmu na Yakasai. In ta ce za ta koma gidansu, kar a hana ta. Yaran dai a bar su tare."

"Na ji. Bugo kwanar."

Ya bugo, mai tsaron gida ya cafke.

"Tsoro nake ji, Yaya."

Isyaku ya ba da ƙwallo gefe, ya sake ba da ita baya.

"Ni ma," ya ce. "Matso da mutanenka, ka bar tsakiya a buɗe."

Suka ci gaba. Mamman ya buga ɗaya ta daki ƙarfe, ya yi ihun da ya jawo masa tari. Isyaku ya ce Allah ya ƙara, makaho. Mamman ya ce wa ke maganar makanta, mai ido ɗaya da rabi. Gambo daga bakin ƙofa kafaɗunsa suka motsa, bai juyo ba.

Ana minti na talatin da ɗaya a agogon wasan, aka ji ƙwanƙwasa ƙofa ta cikin waya, da muryar namiji yana Larabci. Nana Aisha ta amsa. Aka ji jan jaka a ƙasa.

"Sun zo da wuri," in ji Mamman. "Yaya, minti ɗaya, bari in..."

Wayar ta yi ƙara kamar an ɗauke ta daga tebur, muryoyi suka yi nisa, ta katse.

A talabijin ɗan wasan da Mamman yake riƙe da shi ya tsaya cak a tsakiyar fili, hannuwa a sake. Ƙwallo tana ƙafar mai lamba taran Isyaku, hanya a buɗe har raga. Isyaku ya tafi da ita taku kaɗan. Sai ya juya, ya nufi gefen fili, ya buga ta waje.

Ɗan wasan Mamman ya ɗauki ƙwallo ya ɗaga sama da kai, ya tsaya yana jira a danna. Ba a danna ba. Da lokacin ya cika, wasan ya jefa da kansa. Ta faɗo wajen Isyaku. Ya sake buga ta waje.

Sau huɗu yana yin haka. A na biyar allo ya yi duhu, rubutu ya fito a tsakiya. Bai tambayi Gambo me aka rubuta ba.

Gambo ya taso, ya tsaya a kansa.

"In cire maka, ko in bar shi?"

Isyaku ya ɗora hannun gem a gwiwarsa, ya murza idonsa na hagu da bayan hannu.

"Bar shi a jone," ya ce. "Kuma ka rubuta min sunan nan da kalmar sirrin a takarda. Da manyan baƙi."